Taskar tambayoyi kan Damagaram, daga Tanimun zuwa Tirmini (1851–1899)

Malamai ƴan uwana, ga tambayoyin da na haɗa wa ƴan ajin ƙarshe na kwaleji. Bara na tambayi ajina shekarar da aka kashe Kazamaju, hafsan sojan Faransa, a Zinder, kusan kowa ya ɗaga hannu. Da na ce me ya sa aka kashe shi, sai ajin ya yi tsit, alhali yawancinsu ta ƙofar fada suke wucewa kullum. Abin ya dame ni, shi ya sa na jera tambayoyin hawa-hawa. Jimillar maki 20 ce.

Hawa na farko, tuni (maki ɗai-ɗai). Wannan da baki ma ya isa, kada ya wuce minti biyar.

1. Wace daula ce Damagaram take kai wa gaisuwa tun kafuwarta? (Borno)
2. A wace shekara Tanimun ɗan Sulaiman ya rasu? (1884)
3. Wane sarki ne ke kan gado lokacin da aka kashe Kyaftin Kazamaju a 1898? (Amadu Kuran Daga)
4. A ina dakarun Damagaram suka kara da sojojin Faransa a watan Yuli na 1899? (Tirmini)

Hawa na biyu, fahimta da aiki da ita (maki bibbiyu).

5. Tanimun ya kewaye Birnin Zinder da ganuwa, ya sa maƙera sun ƙera masa igwa. Bayyana da kalmominka abin da waɗannan biyun suka canza tsakaninsa da maƙwabtansa.
6. Zana hanyar ayari daga Zinder ta Agadas zuwa Tarabulus. Rubuta kaya biyu da ke tafiya arewa da biyu da ke dawowa.

A ta shida za ku ga gashin jimina da fatu, da bindigogi da yadi a hanyar dawowa. Idan ba wanda ya ambaci bayi, ku ambata da kanku. Cinikin bayi yana cikin abin da ya gina arzikin garin nan, kuma ba mu da ikon ɓoye wa yara shi don kunya.

Hawa na uku, feɗe al'amari (maki uku-uku).

7. Birni mazaunin sarauta ne, Zango kuwa masaukin fatake da Buzaye. Me kowannensu yake buƙata daga ɗan uwansa, kuma a ina buƙatunsu za su iya cin karo idan baƙo mai bindiga ya sauka a gari?
8. Rabe ya ci Borno a 1893. A shekarun da suka biyo baya Kuran Daga yana yaƙi da Kano. Ware dalilan faɗuwar Damagaram a 1899 gida biyu, na cikin ƙasa da na waje, sannan ka nuna yadda ɗaya daga na waje ya tsananta ɗaya daga na ciki.

Ta takwas ita ce ke raba mai hadda da mai tunani. Wanda ya lissafo dalilai kawai, ko sun kai goma, maki ɗaya ne nasa. Sauran biyun suna ga wanda ya ƙulla wani dalili da wani, misali ya lura cewa sarkin da idonsa ke kan Kano, ga kuma Rabe a gabas, zai yi wa duk Baturen da ya nufi wajen Rabe kallon maciji.

Hawa na huɗu, yanke hukunci (maki 6). Tambaya ɗaya ce, a rubuce, minti ashirin.

9. A ce kana cikin fadawa a watan Mayu na 1898. Kazamaju ya sauka, ana raɗe-raɗin zai wuce wajen Rabe. Sarki ya nemi shawararka: a kashe shi, a sallame shi, ko a ƙulla amana da shi? Zaɓi ɗaya, ka kawo hujja biyu daga abin da bafade zai iya sani a lokacin, sannan ka amsa wa wanda ya saba maka.

Ga rabon makin: ɗaya ga matsayi bayyananne, uku ga hujjoji, biyu ga yadda ya fuskanci ra'ayin da ba nasa ba. Ɓangaren da yaro ya ɗauka ba ya ƙara masa komai, ba ya rage masa. Abin da za ku sa wa ido shi ne tsallaken zamani: wanda ya ce kada a kashe shi domin za a sha kashi a Tirmini ya ari sanin 1899 ya kai 1898, kuma wannan hujjar ba ta ƙirguwa.

Wasu yaran za su zo da abin da kakanninsu suka faɗa musu, wanda ya saɓa wa littafi. Don Allah kada ku soke shi da jan biro. Ku tambaye su wa ya faɗa, daga wa ya ji, sannan ku sa su ajiye shi gefe da gefe da abin da Turawa suka rubuta, su faɗi inda biyun suka haɗu da inda suka rabu.