Tambayoyin azumi na 'yan aji biyar, a kawo ran Litinin

Salamu alaikum ɗalibai. Ga aikin da na ce zan turo, wanda ba shi da waya ya kwafa gun ɗan uwansa. Kowace tambaya hukunci ɗaya za ka zaɓa cikin 3: azumi na nan, ko ramuwa kawai, ko ramuwa da kaffara, kuma don Allah a faɗi dalili, wanda ya rubuta min "ya karye" ya yi shiru rabin maki zai samu. Ku fara duba Baƙara aya ta 183 zuwa 187.

1. Sani ya dawo daga kasuwar Maigatari ran Alhamis a bayan a-kori-kura, ƙura ta cika mai hanci da maƙogwaro har da ƙuda ya faɗa mai baki ya wuce. Ya azuminsa?

2. Hadiza tana dama kunun tsamiya da la'asar sai ta manta ta kurɓa ludayi guda, ƙanwarta ce ma ta tuna mata. Wannan ku nutsu a kanta sosai, a hadisin Abu Huraira na Bukhari da Muslim an ce wanda ya manta ya ci ko ya sha ya cika azuminsa, Allah ne Ya ciyar da shi Ya shayar da shi, amma a mazhabar Malikiyya da muka taso a kai zai kame baki kuma ya rama ranar in azumin farilla ne, babu kaffara. Ku kawo duka biyun, kar ku zagi kowane ɓangare. Sai ƙari: da ta ce ai tunda ya riga ya karye bari in shanye kofin, me ya canza a aikinta?

3. Audu na ban ruwa a fadama rana ta buge shi amai ya zo mai da ƙarfi, bai haɗiye komai ba. Shi kuwa Isa da kansa ya sa yatsa ya jawo aman. Hukuncinsu ɗaya ne?

4. Ɗalibi ya yi baccin rana ya yi mafarki, ya tashi wanka ya wajaba a kansa.

5. Saura minti 10 a sha ruwa al'ada ta zo wa Zainab. Ba wasa a wannan, addini ne, mata ku rubuta ba kunya.

6. Hazo ya rufe gari, Baba Malam ya zaci rana ta faɗi ya ci dabino, can sai ga rana ta leƙo.

7. Bala lafiyarsa ƙalau, ba tafiya yake ba, ya laɓe bayan rumbu ya sha fura da gangan. In kun ce kaffara to ku lissafo ta: miskinai 60 nawa za a ba kowa da mudun Annabi (SAW), wata 2 a jere in ya tsinke a tsakiya ba uzuri yaya zai yi, da ta ukun.

Ta 2 da ta 7 maki biyar-biyar, sauran bibbiyu. A rubuta da biro a fallen takarda, suna da aji a sama, a ba monita kafin a shiga aji.