Takardar bayani ga kwamitin makaranta kan kalmar sirrin rautar ofis da aka manta

Zuwa ga Alhaji shugaban kwamiti da sauran iyayenmu 'yan kwamitin makarantar Islamiyya ta unguwarmu, Aboabo, Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku wannan takarda ne bisa umarnin da kuka ba ni a zaman da ya gabata, cewa in duba matsalar rautar ofishin shugaban makaranta, wato na'urar da take raba mana intanet ta wayifai, in kuma bayyana muku a rubuce ko akwai wata hanya da ta rage kafin a goge ta a mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta. Na duba, kuma ra'ayina shi ne gogewar ta kusa zama dole, amma ina roƙon kada kowa ya taɓa ramin da aka rubuta wa `Reset` a bayanta sai mun kammala shirin da zan zayyana a ƙasa.

Kalmomin sirri biyu ne a jikin wannan na'ura, kuma a zaman kwamiti an riƙa cakuɗa su. Ta farko ita ce ta wayifai, wadda malamai suke sakawa a wayoyinsu domin su hau intanet. Wannan ba ta ɓace ba, hasali ma ta yaɗu fiye da kima, domin da yamma za ku ga samari sun jingina da katangar makaranta kowa ya duƙufa a kan wayarsa, shi ya sa datar wata take ƙarewa tun wata bai raba ba. Ta biyu ita ce ta shugabancin rautar, wadda da ita ake shiga shafin saitinta a canza ta farkon, a ga na'urorin da suke kan layi, a kori wanda bai kamata ba. Ita ce muka rasa. Ɗan'uwanmu da ya haɗa mana na'urar ya koma Ankara da aiki, na kira shi, ya ce wallahi ba ya iya tunawa, kuma bai rubuta ta a ko'ina ba.

Rautarmu ƙirar TP-Link ce, daga cikin waɗanda suke tilasta wa mutum ya ƙirƙiri tasa kalmar a ranar da aka fara kunna su, saboda haka tsohuwar dabarar rubuta `admin` a gurbin suna da gurbin kalmar sirri ba ta buɗe ta ba. Takardar da ke liƙe a ƙarƙashinta tana ɗauke da sunan wayifai na asali da kalmarsa da adireshin shiga, amma babu kalmar shugabanci a jikinta. Na tabbatar da adireshin shafin daga kwamfutar ofis da wannan umarni:

```
ipconfig
```

Layin da aka rubuta `Default Gateway` ya nuna `192.168.0.1`, shafin kuma yana buɗewa lafiya, sai dai ya tsaya a kan neman kalmar. Na leƙa ma'ajiyar kalmomin sirri ta burauzar kwamfutar, domin sau da yawa burauza takan adana irin wannan kalma ba tare da mai ita ya lura ba, amma ban tarar da komai ba. Na gwada 'yan kalmomin da ɗan'uwan namu ya ce yakan yi amfani da su, sannan na dakata, saboda rauta takan rufe shafin na wani lokaci idan aka yawaita kuskure, kuma cankar kalma ba tare da madogara ba ɓata lokaci ne.

Ƙofofi biyu ne suka rage ban rufe su ba. Idan an taɓa ɗaure rautar da asusun `TP-Link ID`, to kalmar wannan asusun ce take buɗe ta, kuma ana iya sabunta ta ta hanyar imel ɗin da aka yi rajista da shi, ba tare da an goge komai ba. Haka nan idan manhajar `Tether`, wadda ake sarrafa rautar TP-Link da ita daga waya, tana nan a tsohuwar wayar ɗan'uwan namu kuma ba ta fita daga asusun ba, mai yiwuwa ne a shiga ta nan. Ya yi alkawarin dubawa kafin ranar Laraba. Idan duka biyun suka ci tura, to babu sauran dabara, kuma ina so kwamiti ya yarda da wannan tun yanzu: an gina na'urar ne da gangan ta yadda ba za ta nuna kalmarta ga wanda bai shiga ba, kuma kamfanin da ya ƙera ta ba ya riƙe da kwafinta. Duk wanda ya zo ya ce zai zaro muku ita da wata manhaja da ya sauke daga intanet, ina ba da shawarar kada a bar shi ya taɓa kwamfutar ofis, domin a cikinta ne sunayen ɗalibai da lissafin kuɗin makaranta suke, kuma irin waɗannan manhajoji sun sha zuwa da ɓarnar da ta fi wadda aka kira su gyarawa.

Wani daga cikin iyayenmu ya ba da shawarar a zare wuta a mayar. Wannan yana sake tayar da na'urar ne kawai, saitinta yana nan daram, shi ya sa duk ɗauke wutar da ake yi mana bai taɓa goge kalmar ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da gogewar take tafiya da shi, domin ba ta zaɓe. Kamar share allo ne gaba ɗaya saboda kuskuren harafi guda: kalmar da aka manta za ta tafi, amma tare da ita sunan wayifai da kalmarsa za su tafi, da adireshin da aka keɓe wa firinta, da duk hanyar da aka buɗe wa na'urar naɗar kyamarori huɗun nan domin Alhaji ya riƙa ganin harabar makaranta daga wayarsa. Mafi girma duka shi ne bayanin haɗuwa da kamfanin da yake ba mu intanet. Idan rautarmu tana karɓar layi kai tsaye daga akwatin kamfanin, za ta dawo da kanta bayan gogewa. Idan kuwa an saita ta da tsarin `PPPoE`, to akwai suna da kalmar sirri na musamman da kamfanin ya bayar a ranar da aka ja mana faiba, kuma in aka goge ba tare da muna riƙe da su ba, fitilu za su kama, wayoyi za su ga wayifai, amma ko shafi ɗaya ba zai buɗe ba har sai kamfanin ya sake ba mu su. Tunda ba na iya shiga shafin in ga wanne aka yi amfani da shi, dole ne ma'aji ya nemo takardar da aka sa wa hannu ranar haɗa layin, ko kuma wanda layin yake da sunansa ya kira kamfanin da lambar asusunmu ya tambaya. Datar da aka saya ba ta cikin abin da zai salwanta, domin lissafinta yana wurin kamfanin.

Ina kuma jan hankali sosai a kan akwatuna biyun da ke bangon ofis. Baƙar mai eriya ita ce tamu, ita kaɗai za a goge. Farar da siririyar igiyar faiba take shiga cikinta ta kamfani ce, ita ma tana da irin wannan ramin a bayanta, kuma goge ta yana iya katse layin ta yadda sai ma'aikacinsu ya zo da kansa. Idan wata rana ita ce ta ba da matsala, kamfanin ake kira, domin sau da yawa suna iya gyara saitinta daga ofishinsu.

Kafin ranar aikin zan rubuta sunan wayifai na yanzu harafi da harafi, in ɗauki adireshin firinta da na na'urar kyamarori daga allon kowace, in kuma ɗauki hoton bayan rautar domin kowace igiya ta koma raminta. Ɗan'uwan namu ya ambaci cewa wataƙila akwai fayil ɗin ajiyar saiti a wani filashi. Ko an same shi ba zan loda shi ba, saboda irin wannan fayil yakan dawo da saitin duka har da kalmar da muka manta, sai mu koma inda muka fito.

Aikin kansa gajere ne. Ana barin rautar a kunne, a sa bakin fil ko tsinken sakace a ramin `Reset`, a danne kimanin daƙiƙa 10 har fitilun gabanta su canza, sannan a saki a ba ta minti biyu zuwa uku ta tashi, ba tare da an zare mata wuta a tsakani ba. Saboda haka zan jona ta da batirin ajiyar wuta na kwamfutar ofis, ko da za a ɗauke wuta muna cikin aiki. Daga nan zan haɗa kwamfuta da ita ta igiya, in buɗe `tplinkwifi.net`, in saka sabuwar kalmar shugabanci tun kafin komai, sannan in mayar da bayanin layin.

Akwai wurin da nake so kwamiti ya yanke hukunci da saninsa. Da a ce matsalarmu mantuwa ce kawai, da na mayar da tsohon sunan wayifai da tsohuwar kalmarsa, kowace waya ta hau da kanta. Amma dalilin shigarmu shi ne mu rufe ƙofa ga waɗanda suke shan datar makaranta, don haka kalmar wayifai dole ta canza, kuma wannan yana nufin kowane malami zai sake saka sabuwa a wayarsa, firinta ma sai an sake haɗa ta. Shawarata ita ce kwamfutar ofis da firinta da kyamarori su zauna a babban layi, malamai kuma a buɗe musu layin baƙi, wanda za a iya canza kalmarsa duk wata ba tare da an taɓa kayan ofis ba.

Game da sabuwar kalmar shugabanci, kada ta zama sunan makaranta ko lambar wayar wani, kuma kada ta zama ɗaya da ta wayifai. Ina roƙon a rubuta ta a takarda tare da bayanin layin kamfani, a rufe a ambulan biyu, ɗaya a wurin Alhaji shugaba, ɗaya a akwatin ma'aji, kuma duk ranar da aka canza ta a sabunta ambulan ɗin a ranar.

Idan kwamiti ya amince, na zaɓi safiyar Alhamis, tunda babu karatu kuma ofishin kamfanin yana buɗe idan muka buƙace su. Ina neman ma'aji ya kawo takardar layin kafin ranar, a kuma sanar da malamai cewa intanet da kallon kyamarori ta waya za su tsaya na kamar awa biyu. Idan takardar ba ta samu ba, kuma kamfanin bai ba mu bayanin ba, zan ɗaga aikin zuwa Alhamis ta gaba.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
mai kula da na'urorin makaranta