Dubi Uwar

Hutun Disamba aka kawo Salisu daga Yamai, aka ajiye shi wurin kakarsa a wani ƙauye gabas da Tawa. Shekararsa 9, ɗiyan itacen da ya sani duk na kan tebur ne, masu kuɗi.

Ran na uku da hantsi Inna Hajo ta ɗauki ƙwarya da sanda.

"Tashi, maigidana, mu tahi magarya. Miji ba ya zama gida matarsa na daji."

Sun bi ta gonakin da aka gama girbi, iskar ɗari na kaɗa karan hatsi. Ba su yi nisa ba Salisu ya yi tsalle ya faɗa cikin yashi, ya taso da wani abu kamar lemu, mai zane-zane.

"Inna, kankana! 'Yar ƙarama!"

Har ya kai haƙori. Sandar ce ta riga shi, abin ya gangara.

"Kwartowa ce, sakarai."

Ta taka ta da diddige ta fashe. Cikin fari ne, sakayau kamar soso, ba ruwa. Ta ce guna, 'yar'uwar kankana, ta fi girma da nauyi, in ka fasa ta akwai ruwa. Ita kuwa wannan ɗacinta ya fi maɗaci, kuma kaɗan ta isa ta murɗe cikin yaro ya yi ta zawo har da jini.

"To ai sai in ɗanɗana," in ji Salisu. "In da ɗaci in tofar." Dabara ce ta ɗan lakwal, ya kuwa ji daɗinta.

Inna ba ta amsa ba sai da suka iso shingen wata garka. Ta tsinko busasshen ɗan itace, ta murza, ƙwayoyi baƙaƙe uku suka faɗo tafinta.

"Cin-da-zugu ke nan. Ɗanɗana shi ka ji, gardi kamar gujiya, ba ɗaci ko kaɗan." Ta dunƙule hannu kafin ya miƙo nasa. "Ka san zugu? Farin ƙyallen da ake suturar mamaci da shi. Waɗanda suka sa mishi suna ba wasa suke ba. To ina harshenka zai cece ka?"

Salisu ya yi tsit.

"Sai in duba abin da awaki ke ci."

"Akuya na cin ganyen tumfafiya. Kai akuya ne?"

Ga tumfafiyar ma can, ɗiyanta kore shar sun kumbura kamar ɗanyen mangwaro. Ta matsa ɗaya, ya yi fus, iska ce da auduga. Ta nuna masa farin nonon da ke ɗiga daga kara, ta ce in ya taɓa ido yana iya kashe shi. Ta goge yatsunta da yashi sosai.

A bakin fadama ya hango wasu ɗiya rawaya, sak yalon da ake sayarwa a Yamai. Wannan karon bai taɓa ba, ya nuna da baki.

"Yauwa. Bar kallon ɗan, dubi uwar. Ran da za ka yi mini kishiya ma haka za ka yi."

Ya durƙusa. Ƙaya a jikin kara, ƙaya har a bayan ganye, ganyen kuma toka-toka mai gashi.

"Gautan kura," in ji Inna. "Duk abin da aka ba kura, mutum ya gwada ne ya sha wuya ya bar mata."

Suka wuce wani ɗan kurmi mai ganye kore a tsakiyar fako, ta dafa shi kamar mai gaida tsohuwar ƙawa. Anza ce. A yunwar 1984, ta ce, ita ta riƙe gidansu. Ƙwayar sai an jiƙa ta kwana da kwanaki, ana zubar da ruwan ana sake wani, har ɗacin ya fita kaf, sannan a dafa. Wata maƙwabciyarsu yunwa ta hana ta jira.

"Sai mi ya same ta?"

"Ga magarya can. Kai za ka kaɗa, ni in tsinta."

Sun kusa cika ƙwarya, bakin Salisu ya yi dumu-dumu, sai ya tsinci wani ɗan jan abu a ƙasa, mai sheƙi, ba itacensa kusa. Ya kawo mata. Ta juya shi, ta sansana, ta ɗaga shi ga rana.

"Ban san shi ba."

"Ke, Inna? Ke da kika san komi?"

"Ka ga uwar?"

Ya waiga dama da hagu. Yashi ne kawai da kara.

Ya ja hannu baya, ya wurga shi can cikin fadama. Inna ta ɗora masa ƙwaryar a ka.

"Riƙe da kyau, maigida. Kuma ka riƙa fasawa kana dubawa, rabin wadda ka ci da tsutsa."