Simintin da Ba a Yi wa Ban Ruwa Ba

Malam Hamisu ya shafe shekara 41 yana aikin gini a Kano, kuma a duk tsawon wannan lokaci bai taɓa yarda wani ya taka simintin da ya zuba ba sai an yi masa ban ruwa safe da yamma, an bar shi ya kwana biyu yana shan iska. Saboda haka da likita a Asibitin Ƙashi na Dala ya gaya masa cewa ƙarfen da aka sa masa a gwiwar dama da wani irin siminti aka kafa shi, kuma wai tun jiya simintin ya kama, sai ya ɗauka ana lallashinsa ne kamar yadda ake lallashin yaro.

"Likita, wane irin siminti ne yake bushewa a cikin jikin mutum, babu rana babu iska?"

"Baba, ba irin naku ba ne," in ji likitan. "Wannan cikin kamar minti 15 yake yin tauri, tun kafin mu ɗinke wurin. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwanka ne ya cinye, ƙashi yana gugar ƙashi, shi ya sa muka share bakinsu, muka lulluɓe da ƙarfe, muka sa roba mai tauri a tsakani. Yau za ka miƙe tsaye."

Ya miƙen, amma da hannuwansa ya miƙe. Ya riƙe ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu har jijiyoyin damtsensa suka fito, ya ɗora nauyinsa duka a kan ƙafar hagu, ita kuwa ta dama ya ajiye ta a ƙasa a hankali kamar wanda ya ari takalmin surukinsa. Malama Zainab, ma'aikaciyar gashin ƙashi, ta lura da haka, ba ta ce komai ba a ranar.

Bayan an sallame shi ya koma gidansa a Gwammaja, aka mai da masa gado ɗakin da ke kusa da tsakar gida. Makonni biyun farko sun yi masa tsawo fiye da shekaru ukun da ya yi yana fama da ciwon. Gwiwar ta kumbura, tana zafi, barci ba ya zuwa sai gab da asuba. Hajiya Binta takan aiki jikansu ya sayo ƙanƙara, ta naɗe a tawul ta ɗora masa, sannan ta tsaya a kansa har ya gama motsa idon sawunsa sama da ƙasa kamar yadda aka umarta, don kada jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Abin da ya fi damunsa kuwa bai gaya wa kowa ba: akwai wani wuri a gefen tabon, ta waje, da ba ya jin komai idan ya taɓa, kuma duk lokacin da ya lanƙwasa ƙafar yakan ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar an ajiye cokali a kan faranti. A saninsa, ginin da ya fara magana ginin da za a guje masa ne.

Ranar da aka je cire ɗinki ne Malama Zainab ta ce ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Da ya dawo ta jawo kujera ta zauna a gabansa.

"Baba, gwiwar nan ta lanƙwasu har digiri 90, wannan alheri ne. Amma har yanzu ɗingishin da kake yi tun kafin aiki shi kake yi. Ciwo kake ji idan ka taka, ko tsoro?"

Ya yi shiru, domin ba tambayar da dattijo yake son sa'ar 'yar cikinsa ta yi masa ba ce. Daga baya ya ce, "Ƙara take yi, 'yata."

Ta yi masa bayani cewa ƙarfe ne yake haɗuwa da roba, kuma mutane da yawa suna jin hakan. Wurin da ya mutu kuma wata ƙaramar jijiyar fata ce da yanka ya ratsa, ba ruwanta da ƙarfin ƙafar. Abin da ya raunana, in ji ta, naman cinyarsa ne, wanda ya daɗe yana hutar da shi. Sannan ta tambaye shi yadda yake gwada katakon da yaransa suka ɗaura kafin ya hau.

"Ƙafa ɗaya nake fara ɗorawa," ya ce, "in danna kaɗan, in saurara, in ƙara."

"To, haka za ka yi wa wannan."

Ta kawo ma'aunin nauyi ta ajiye ƙarƙashin ƙafar damar, ta ce ya danna. Allurar ta tsaya a kilo 20. Ya kalli allurar, ya ji kunya, domin buhun siminti ɗaya kilo 50 ne, kuma ya sha saɓa shi ya hau tsani da shi. Ya ƙara dannawa, allurar ta wuce 30, gwiwar ba ta ce komai ba.

Daga ranar ya mai da tsakar gida wurin aiki. Bayan sallar asuba, kafin yara su tashi, yakan dafa bakin rijiya ya karkata nauyinsa zuwa dama, ya ƙirga goma, ya dawo. Ya bar ƙarfen dogarawa ya koma sanda, kuma sai da aka sha fama kafin ya yarda a hannun hagu ake riƙe ta, ɓangaren ƙafa mai lafiya. Dokin ƙofar zaure, wanda shi da kansa ya ɗaga shi saboda ruwan damina, ya zame masa makaranta: idan zai hau, mai lafiya ce gaba, idan zai sauka, sanda da wadda aka yi wa aiki. Akwai ranakun da ya wuce gona da iri, gwiwar ta kumbura da dare, Hajiya ta ce, "Malam, ai ba gasa aka sa ku ba," ya kwana yana jin haushin kansa.

A mako na bakwai, wata Alhamis da la'asar, ya ce a miƙo masa hularsa. Tsakanin gidansa da masallacin unguwa bai fi taku ɗari biyu ba, sai dai akwai kwata a tsakiya, wadda murfinta ya karye tun bara, kuma babu yadda za a tsallake ta sai ƙafa ɗaya ta ɗauki mutum gaba ɗayansa na ɗan lokaci. Ɗansa Kabiru ya miƙo hannu.

"Baba, in riƙe ka?"

"Tsaya dai kusa."

Ya kafa sanda a ɗaya gefen, ya yi bisimilla, ya jefa ƙafar dama, sannan ya saki ta hagu daga ƙasa. Gwiwar ta yi ƙas ɗinta, ta riƙe shi. Bai waiwaya ba, sai dai Kabiru ya ga yadda ya goge goshinsa da hannun riga.

A masallaci kujerarsa ta roba tana nan a ƙarshen sahu, inda ya shekara uku yana salla a zaune tun daga kabbara har sallama. Durƙuso bai zo ba tukuna, kuma an gaya masa kada ya matsa wa kansa a kai. Amma da liman ya ta da kabbara, Malam Hamisu ya jingine sandar da bango, ya tsaya a kan ƙafafunsa biyu har aka kai ruku'u, sai da aka tafi sujada ya zauna.

Da aka idar, mutane suka yi ta zuwa suna yi masa barka da samun sauƙi, yana amsawa, amma hankalinsa yana kan hanya. A bakin kwatar ya tsaya, ya auna faɗinta da sandarsa, ya dubi Kabiru.

"Gobe ka sayo rabin buhun siminti da rodi guda. Ka ce wa Sani ya kawo yashi da tsakuwa, ni zan tsaya a kan kwaɓin. Kuma a gaya wa yaran unguwa, kada wanda ya taka shi sai na ce."