Print Screen ya daina aiki tun da na yi ofdet, me ya same shi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Don Allah a taimaka min da wata matsala da ta hana ni sakat kwana uku ke nan. Laftof ɗina da Windows 10 take, sai na ji an ce an daina yi mata ofdet na tsaro tun 14 ga Oktoba 2025, shi ne na daure na bar ta ta kwana tana hawa Windows 11. Komai ya dawo lafiya, fayil-fayil ɗina duk suna nan, sai abu ɗaya, maɓallin PrtScn. Ni aikina haɗa takardun koyar da sababbin ma'aikata ne, wata ran sai in ɗauki hoton sikirin ya kai arba'in, kuma shekara da shekaru da Greenshot nake yi, in danna PrtScn in ja wajen da nake so shi kuma ya ajiye min a folda da kansa har da kwanan wata a jikin sunan, hannuna ya riga ya saba ko kallon kibod ɗin ba na yi. To yanzu in na danna sai sikirin ya yi duhu-duhu wata 'yar sanda ta fito a sama da alamomi, in na ja ma hoton ba ya zuwa foldata, kuma duk sanda na kunna kwamfutar sai Greenshot ya fito da saƙo wai ya kasa riƙe maɓallin. Na cire shi na sake sawa har sau biyu babu canji. Ƙanina ya ce kibod ɗin ne ya mutu in kai a canza, wata abokiyar aikina kuma ta ce in koma Windows 10 kawai in huta. Wanne zan ɗauka?

Amsa:

Wa'alaikumus salam Malama. Kar ki ɗauki ko ɗaya. Kibod ɗinki lafiyarsa ƙalau, ki gaya wa ƙanin naki haka, domin maɓallin da ya mutu ba ya sa sikirin ya yi duhu, shiru kawai za ki ji. Tunda wani abu yana fitowa in kin danna to saƙon yana isa ke nan, wanda yake karɓa ne ya canza.

Wannan 'yar sandar da kike gani a sama Snipping Tool ce, manhajar ɗaukar hoton sikirin ta Windows ɗin kanta. Zaɓin a ba ta PrtScn daɗaɗɗe ne, tun 2018 yana nan cikin Windows 10, amma a kashe yake zuwa, sai wanda ya neme shi ya kunna da kansa, shi ya sa yawancin mutane ba su ma san da shi ba. A 2023 ne Microsoft suka juya abin a Windows 11 ya koma yana zuwa a kunne. Wanda ya taɓa shiga ya saita da hannunsa an bar masa zaɓinsa, wanda bai taɓa taɓawa ba kuwa irinki (da ni, da kusan kowa) sai aka ɗauka ba shi da ra'ayi aka zaɓa masa. Ke ba ki canza komai ba, to amma kuma rashin canzawar ne ya jawo.

Abin da ya sa Greenshot yake kuka kuwa, ga yadda tsarin yake. Duk manhajar da take son wani maɓalli ya yi mata aiki ko'ina kike a kwamfutar, ko kina cikin Word ko burauza, dole ta je wajen Windows ta yi rajistarsa, masu rubuta manhaja suna kiran wannan ƙofar `RegisterHotKey`. Maɓalli ɗaya kuma mai shi ɗaya ne, wanda ya riga shi ya samu, na biyu sai a ce masa an ɗauka. Da can babu mai takara da Greenshot, yana tashi zai ce a ba ni PrtScn a ba shi. Yanzu mai gidan ce da kanta ta riƙe, kafin ya ƙaraso an gama rabo. Shi ya sa cirewa da sake sawar da kika yi bai amfana komai ba, ko sau goma za ki sa shi amsa ɗaya zai samu don matsalar ba a jikinsa take ba.

Gyaran bai kai minti biyu ba. Danna Win+I ki buɗe Settings, ki shiga Accessibility, sai Keyboard, ki gangara ƙasa za ki ga layin da ya ce Use the Print screen key to open screen capture, a wasu kwamfutocin ƙarshensa Snipping Tool aka rubuta, duk abu ɗaya ne. Ki kashe shi. In neman ya ba ki wahala danna Win+R ki rubuta wannan zai kai ki shafin kai tsaye:

```
ms-settings:easeofaccess-keyboard
```

Akwai hanyar rajistiri ma ga masu son hakan, ko wanda yake da kwamfutoci da yawa a hannunsa ba zai iya bi ɗaya bayan ɗaya yana danne-danne ba. A buɗe Command Prompt a sa:

```
reg add "HKCU\Control Panel\Keyboard" /v PrintScreenKeyForSnippingEnabled /t REG_DWORD /d 0 /f
```

Amma ke dai ki bi ta Settings, sakamakon ɗaya ne kuma babu fargabar kuskuren harafi.

Maganar komawa Windows 10 kuwa gaskiya ban goyi baya ba sam. Ana iya komawa ɗin, Windows tana ba da kwana 10 bayan hawa, ta Settings > System > Recovery > Go back, amma dalilin da ya sa kika hau tun farko ai yana nan bai gushe ba, ba kya bar ofdet na tsaro saboda maɓalli guda da za a iya kashewa da danni ɗaya ba. Haka ma waɗanda dama suna kan Windows 11 abin ya same su ta ofdet na wata-wata, sai ka ga mutum ya ruga Update history ya cire na ƙarshen, wai ya yi maganin abin. Ofdet ɗin Windows tarawa ake yi, na wannan watan yana ɗauke da duk na baya, wata mai zuwa zai dawo maka da abinka cif, ga shi ka zauna sati huɗu babu gyaran tsaro a banza.

Kafin ki gyara ma, in aiki ya matse ki, sauran haɗe-haɗen suna nan yadda suke. Win+PrtScn yana ɗaukar sikirin gaba ɗaya ya ajiye a Pictures cikin foldar Screenshots. Alt+PrtScn na tagar da kike ciki ne kaɗai, sai ki manna da Ctrl+V. Win+Shift+S kuma shi ne asalin hanyar Snipping Tool, ko kin kashe wancan setin ɗin tana nan ba ki rasa ta ba. Ki leƙa foldar Screenshots ɗin nan ma, ina kyautata zaton hotunan da kika ja cikin kwana ukun nan suna can a jibge, sabuwar Snipping Tool tana ajiye kwafi a nan da kanta.

Tambaya:

Malam na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wallahi hotunan suna can, har 23 na samu, ni da na zata sun bi iska. Na kashe setin ɗin kuma duhun ya daina fitowa. To amma yanzu in na danna PrtScn babu abin da yake faruwa kwata-kwata, shiru, Greenshot ma bai motsa ba. Ko na ƙara ɓata wani abu ne?

Amsa:

A'a ba ki ɓata komai ba, laifina ne da ban faɗa ba. Shirun nan shi ne PrtScn na asali, yana ɗaukar hoton ya sa a ma'ajiyar kwafi ba tare da ya nuna miki komai ba, buɗe Paint ki danna Ctrl+V za ki gani. Windows ta saki maɓallin amma Greenshot bai sani ba, shi lokacin tashinsa yake neman rajista, an hana shi da safe ya haƙura ya zauna. Je kusa da agogo a ƙasa, danna 'yar kibiyar nan mai ɓoye alamomi, danna dama a kan koren alamarsa ki zaɓi Exit, sannan ki sake buɗe shi. In bai yi ba ki yi wa kwamfutar Restart, kuma Restart nake nufi ba Shut down ba, saboda Fast Startup yana sa kashewar ba ta zama cikakkiya, wani ɓangaren tsarin ajiye shi ake yi a dawo da shi yadda yake.

In bayan wannan har yanzu yana cewa ya kasa riƙe maɓallin, to akwai na uku a layi. Wanda aka fi kamawa OneDrive ne, yana da zaɓin ajiye hotunan sikirin a setin ɗinsa. Dropbox ma yana da irinsa, haka in akwai Lightshot ko ShareX da aka taɓa sawa aka manta. Hanyar kama shi mai sauƙi ce ko da yake tana da ɗan gajiyarwa, rufe su ɗaya bayan ɗaya daga kusa da agogon, duk wanda kika rufe ki sake tada Greenshot, inda saƙon ya daina fitowa to wanda kika rufe na ƙarshe shi ne ɓarawon. Daga nan ko ki kashe masa zaɓin, ko ki hana shi tashi da kwamfuta ta Task Manager a ɓangaren Startup apps.

Ƙaninki kuma kar a kore shi gaba ɗaya, akwai ranar da maganarsa take zama gaskiya. In wata rana kin danna, kin je Paint kin manna babu komai, ki yi Win+R ki rubuta `osk`, kibod na kan sikirin zai fito, ki danna PrtScn ɗinsa da linzami. In wannan ya yi aiki na hannu bai yi ba, sai a fara duba Fn, don a laftof da yawa PrtScn raba maɓalli yake da wani, kuma Fn+Esc yana juya makullin Fn a irin su Dell da Lenovo, hannu kan taɓa shi bisa kuskure. Sai duk wannan ya gaza ake maganar kai wa mai gyara.

Tambaya:

Ya yi Malam!! Exit ɗin kawai na yi na sake buɗewa, na danna sai ga alamar jan nan ta fito kamar da, hoton ya tafi foldata da kwanan watansa. Bari in je in kwaso 23 ɗin can in canza musu suna.