Motar Dadin Kowa

Ranar Litinin Alhaji Garba ya buɗe rumfarsa a babbar kasuwar Gombe, buhun masara mai kilo 100 yana naira 40,000, mudu naira 550. Buhu sittin ne a sitonsa.

Da azahar yaronsa Sani ya shigo yana haki.

"Alhaji, ruwa ya cinye kwalbati a hanyar Dadin Kowa. Motoci biyar sun tsaya, har da tamu."

"Kwana nawa gyaran?"

"Direba ya ce sati biyu. In an zagaya, kuɗin mota zai ƙaru da 3,000 kowane buhu."

Kafin la'asar masu kiwon kaji suka yi cincirindo, mai sayen buhu biyar yana neman ashirin. Dillalai suka rufe sito, suna jiran gobe. Ran Laraba buhu ya kai 52,000. Masu tuwo suka koma dawa, ita ma ta tashi.

Inna Hajara mai koko ta miƙo 550.

"Inna, yau mudu 700 ne. In na sayar a tsohon farashi, da me zan sari wani?"

Ta karɓi rabin mudu.

Da aka gyara hanya, motoci tara suka sauke kaya rana ɗaya. Buhu ya faɗo 38,000. Wanda ya ɓoye buhu ɗari, wasu sun sha danshi sun yi fumfuna, ya sayar da su 30,000.