Takardar koke kan rubutun da ke jikin kwalbar manku

Maraɗi, 14 ga Janairu 2025

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, Ranka ya daɗe, koke ne ya sa na rubuto.

Ranar Juma'ar da ta wuce na sayi manku na girki, kwalbar lita ɗaya, jaka biyu, a wani kanti kusa da babbar kasuwa. A gaban kwalbar an zana gyaɗa cike da ƙwarya, an rubuta da manyan baƙaƙe wai man gyaɗa ne tsantsa. Shi ya sa ban yi ciniki ba.

Da na zuba a kasko, ko ƙamshi babu. Mu nan gyaɗa ba baƙuwarmu ba ce, kakata da hannunta take matse tunkuza, hancina ya san man gyaɗa tun ina ƙarama. Da safe kuma na tarar sanyin hunturu ya daskarar da shi. Sai ɗana ya juya kwalbar ya karanta mini ɗan rubutun faransanci da ke baya, ƙanana kamar tururuwa: kashi 70 cikin 100 tataccen manja ne, gyaɗa 30 kawai.

Na haɗo hotuna biyu, gaba da baya, lambar kwalbar ta fito sarai.

Ba na ce manja haram ne ba. Amma ku kira shi da sunansa, ku sayar da shi kuɗinsa. Mata nawa ne a kasuwa ke karanta faransanci? Hoto suke dubawa.

Ina so ku mayar mini da kuɗina, ku gyara rubutun, da Hausa ma. Kwalbar na ajiye, in kuna son gani.

Wassalam,
Wata mai sayen kayanku, unguwar Zariya